Tsufan Mai Sana'ar Hannu: Yadda Tanadi da Taimakon 'Ya'ya Za Su Riƙe Gida Ɗaya

Akwai wani dattijon tela a Tudun Wada da na daɗe ina kai wa ɗinki. A bara na tarar da shi ya ɗaga allura saitin hasken ƙofa, yana ƙoƙarin zura zare, ya gwada sau uku bai shiga ba, sai ya miƙa wa yaron shagonsa ba tare da ya ce uffan ba. Daga nan ya juyo ya ce mini: "Malam, aikin wuyan riga na bar wa yara, yanzu sai yanka kawai." Babu wanda ya ba shi takardar ritaya, kuma babu wata rana da za a nuna a ce ita ce ranar da ya ajiye aiki. Idonsa ne ya fara sallamar sa sannu a hankali, kuma abin da yake samu a rana ya bi idon.

Haka tsufa yake zuwar wa mai sana'ar hannu, ko kafinta ne a Panteka, ko ɗan dako a kasuwar Sheikh Gumi, ko direban Keke Napep daga Kawo zuwa Rigasa, ko mai tuyar ƙosai a bakin layi. Ma'aikacin da yake ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa kowane wata, ko ya so ko bai so ba. Mai sana'ar hannu ba shi da wanda zai cire masa, ba shi kuma da wanda zai ƙara masa. Abin da yawancinmu muka dogara da shi shi ne cewa 'ya'ya za su girma su ɗauki nauyi, wasu 'yan kaɗan kuma suna ganin abin da suka ɓoye zai ishe su. Ra'ayina shi ne, a Kadunar yau babu ɗaya daga cikin biyun da zai iya riƙe gida shi kaɗai, amma idan aka haɗa su da lissafi, aka san abin da kowane ɓangare zai ɗauka, suna iya riƙewa. Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a ɗauki mutum ɗaya a bi kuɗinsa daki-daki.

Mu ɗauki tela mai shekara 45, yana zaune a gidansa na gado, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Alƙaluman da zan kawo misali ne, kowa zai iya musanya su da nasa. Mu ƙaddara cewa idan aka haɗa lokacin ciniki da lokacin da kasuwa ta kwanta, yana tashi da naira 6,000 a rana bayan ya cire kuɗin zare da man janareta, kuma yana aiki kwana 26 a wata. Yana fatan idan Allah ya kai shi shekara 60 ya rage zama a kan keke.

Tambayar farko ba ita ce nawa zai ajiye ba. Tambayar ita ce: nawa gidan zai buƙata a wata idan ya rage daga shi sai matarsa? A farashin yau, mu sa abinci naira 70,000, magani 15,000 domin hawan jini da ciwon suga ba baƙi ba ne a wannan shekarun, wuta da ruwa da gawayi 12,000, sannan kuɗin mota da hidimar zumunci 13,000. Kada a raina wannan na ƙarshe. Dattijon da ba ya iya zuwa ta'aziyya Zariya ko ya miƙa gudummawar biki, wannan rashin yana cin sa kamar yunwa. Jimilla ta kama naira 110,000 a wata, wato 1,320,000 a shekara. Idan ya rayu shekara 15 bayan ya rage aiki, ana maganar kusan naira miliyan 20 a darajar kuɗin yau.

Yanzu a gwada ajiya ita kaɗai. Idan telan nan ya dage yana ajiye naira 500 duk ranar aiki, ba fashi, zai tara 13,000 a wata, 156,000 a shekara, 2,340,000 a shekara 15. Wannan kuɗin, duk da wahalar da aka sha wajen tara shi, zai ciyar da gidan na wata 21 ne kacal. A gwada 'ya'ya su kaɗai. A cikin biyar ɗin, mu ce uku ne suka kama abin yi a lokacin. Idan aka raba 110,000 gida uku, kowa zai kawo sama da 36,000 a wata. Ɗan da yake karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, an cinye masa rabin albashi ke nan tun bai biya haya ba, bai sayi abincin nasa iyalin ba. Zai yi wata biyu ko uku yana ƙoƙari, daga nan ya fara ƙin ɗaga waya, ba don rashin tarbiyya ba, sai don kunyar abin da zai faɗa. Yawancin abin da muke kira butulcin 'ya'yan zamani, idan aka bi shi a tsanake, kaya ne aka ɗora wa mutum wanda ya fi ƙarfin wuyansa.

Kafin a shiga yadda za a haɗa, dole a tsaya a kan abin da yake cinye ajiya a ɓoye, wato tsadar kaya. A watan Disambar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda ya ɗaure naira 100,000 a ƙasan akwati na shekara guda, da ya buɗe zai tarar tana sayen abin da 74,000 take saya a da. Ko da hauhawar ta tsaya a kashi 25, shekara uku sun isa su cinye kusan rabin darajar kuɗi. Duk wanda ya sayi man fetur kafin 29 ga Mayun 2023 ya kuma saya bayan mako guda, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sannan canjin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna wa masu ɓoye tsabar kuɗi a gida wani haɗarin na daban. Saboda haka tsabar kuɗi ba wurin kwanan tanadin tsufa ba ne, zango ne kawai.

Wannan ya kawo mu ga adashe, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne fanshonsu. Adashe yana da amfani babba guda ɗaya: yana tilasta wa mutum zubi, ya mayar da 'yan canjin da za su narke a shayi da kati su zama dunƙulallen kuɗi. Amma ba ya haihuwa, kuma ba ya kare kuɗi daga tsadar kaya. Wanda ya kwashe a ƙarshen zagaye ya karɓi adadin da ya zuba, sai dai kuɗin sun riga sun rame. Haka ma mai yawon karɓar ajiya kullum, wanda bisa al'ada yake ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, mai ajiyar ne yake biya don a riƙe masa. Don haka darajar adashe tana ga abin da aka yi da kwasar a makon da aka karɓe ta. Idan ta zama bulo ko kwano ko tunkiya, ta shiga tanadin tsufa. Idan ta tafi a kayan ɗaki ko ankon biki, hidima aka yi, kuma hidima ba laifi ba ce, amma kada a lissafa ta cikin guzurin gaba.

To, yaya telan namu zai yi? Zai ware naira 1,000 a rana, wato kashi ɗaya cikin shida na abin da yake samu. Na san ga mai 'ya'ya biyar a makaranta wannan ba ƙaramin yanka ba ne, kuma akwai ranakun da ba zai yiwu ba. Muhimmin abu shi ne ya riƙe shi a matsayin kaso, ba a matsayin adadi ba. Idan kuɗin ɗinki ya tashi, zubin ya tashi tare da shi, domin wanda ya tsaya a kan dubu ɗaya har shekara goma yana rage zubinsa ne kowace shekara ba tare da ya sani ba. Wannan dubun zai kasa ta uku: 500 ga adashe, 300 ga asusun fansho, 200 ga lafiya.

Kuɗin adashen, 156,000 a shekara, manufarsu ɗaya ce: a fitar da ɗakunan haya biyu a filin da ya rage a cikin gida, ko shago a jikin katanga idan gidan yana bakin hanya. Mu ƙaddara ginin zai ci naira miliyan uku. Idan ya ƙara 60,000 daga cinikin sallah kowace shekara, yana da 216,000, kuma ɗakin farko zai tsaya cikin shekara bakwai, hayarsa ta taimaka wajen ɗaga na biyu. Dabarar ita ce a sayi kayan gini da zarar an kwashi adashe: bana bulo, baɗi katako da kwano. Siminti ne kawai ba a ajiyewa, domin yana daskarewa, sai ranar da magini ya shirya. Abin da ya sa nake fifita ɗakin haya shi ne, kuɗin haya yana bin farashin kaya ko da a makare, kuma ba ya buƙatar ƙarfin jiki. Yana da nasa ciwon kai: ɗan haya ya ƙi biya, ɗaki ya zauna wata uku ba kowa, rufi ya fara yoyo da damina. Shi ya sa idan ɗakunan biyu suna kawo 360,000 a shekara, ba za a rubuta 30,000 a wata ba, sai a rubuta 25,000. Sannan gini ba ya zama dukiya sai da takarda. Gidan gadon da ba a raba ba, wanda ya zuba kuɗinsa a ciki ya gina wa dukkan magada ne. A fara raba gado, a rubuta, a nemi shaidar mallaka ta hukumar rajistar filaye ta jiha, KADGIS, sannan a haƙa harsashi. Wanda kuma yake zaman haya, wannan kason nasa duka ya tafi ga mallakar wurin kwana tukuna, ko da a bayan gari ne, domin tsoho mai biyan haya shi ne ya fi kowa shiga tasku.

Kaso na biyu shi ne wanda mutanenmu suka fi jahilta. A watan Maris na 2019 Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu. Duk wanda ya kai shekara 18 yana da sana'a zai iya buɗe asusu a ɗaya daga cikin kamfanonin kula da fansho masu lasisi, ya riƙa zubawa kullum ko mako-mako ko wata-wata gwargwadon hali. Yadda aka tsara shi tun farko, kashi 40 na abin da aka zuba ana iya cirewa idan buƙata ta taso, bayan an yi wata uku da fara zubi, kashi 60 kuma a kulle yake sai mutum ya kai shekara 50 ko rashin lafiya ta hana shi aiki. Hukumar ta yi wa tsarin kwaskwarima a 2025, don haka mai buɗe asusu ya sa a karanta masa ƙa'idar rabon da take aiki a ranar kafin ya sa hannu. Ga mai gudun kuɗin ruwa, tun 2021 akwai asusun da ba a juya shi ta hanyar kuɗin ruwa, wanda ake zuba kuɗinsa a sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da makamantansu, kuma yana da kyau mutum ya tambaye shi da bakinsa maimakon ya yi watsi da tsarin baki ɗaya.

Naira 300 a rana ta kama 7,800 a wata, 1,404,000 a shekara 15. Idan ribar da asusun yake samu ta yi kafaɗa da tsadar kaya, wanda ba kowace shekara take yi ba, wannan zai ba da 10,000 a wata na kusan shekara 12. Idan kuwa ya riƙa cire kashi 40 ɗin nan duk lokacin da aka matsa, abin da zai rage bai wuce 842,400 ba, wato shekara bakwai. Kuɗin ba su da yawa, kuma ban ɓoye hakan ba. Amfaninsu shi ne suna wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi. A unguwanninmu duk wanda aka san yana da ajiya, ajiyar ta zama ta dangi: wannan za a yi wa matarsa aiki, wancan an kore shi daga makaranta, kuma mutumin kirki ba ya iya cewa babu alhali akwai. Kuɗin da doka ta kulle suna ba shi damar faɗin gaskiya cewa ba zai iya taɓa su ba. Akwai kuma abin lura: idan abin da ya taru bai kai ya samar da fanshon wata-wata mai kauri ba, ana iya miƙa wa mutum a dunƙule, kuma ranar da wannan kuɗin ya shigo ita ce rana mafi haɗari. Ya kamata tun kafin ranar a san inda za su kwana. Idan banki ne, a tuna cewa inshorar ajiyar banki ta hukumar NDIC tun 2024 tana kare har naira miliyan biyar ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan biyu a ƙaramin banki mai lasisi. Duk wani kamfani da ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin 'yan watanni ba ya cikin wannan kariyar, kuma dattawa masu dunƙulallen kuɗi su ne abincinsa.

Kaso na uku, naira 200, ya kama 5,200 a wata. Abin da yake rusa shirin tsufa ba kasafai yake zama abinci ba, kwanciya asibiti ce ta mako biyu wadda take sa a sayar da keken ɗinki ko fili a rabin kuɗinsa. Jihar Kaduna tana da hukumar inshorar lafiya, KADCHMA, mai tsari ga masu sana'ar kansu da ake biya shekara-shekara. Ba kowace cuta take ɗauka ba, kuma wani lokaci a je a tarar babu maganin, amma tana rage nauyin ganin likita da jinyar yau da kullum. Abin da ya saura bayan an biya ta sai a bar shi a asusu na daban wanda ba a taɓawa sai don jinya.

Akwai wata kadara da telan yake da ita wadda bai saya da kuɗi ba, ita ce sunansa da masu kawo masa ɗinki. Idan ya kai 55 bai horar da wanda zai zauna a kan keke ba, shagon zai mutu tare da idonsa. Idan kuwa ya yaye yara biyu nagari, ya yi yarjejeniya da su a gaban shaidu cewa kekuna da shago nasa ne, su suna ɗinki, shi yana yanka da karɓar baƙi, ana fitar masa da kasonsa duk mako, to zai iya samun 30,000 a wata ba tare da ya sunkuya ba. Matarsa kuma, idan an bar mata jarinta ba a cinye shi a cefane ba, 'yar sana'arta ta cikin gida za ta iya kawo 10,000.

Yanzu a tara: haya 25,000, shago 30,000, sana'ar uwargida 10,000, fansho 10,000. An samu 75,000. Giɓin da ya rage 35,000 ne, kuma a nan ne 'ya'ya suke shigowa. Babban ɗa mai shago ya ɗauki 15,000, mai aikin albashi 12,000, 'yar da take koyarwa 8,000. Bambancin da ke tsakanin 36,000 da 12,000 ga mai ƙaramin albashi shi ne bambancin abin da zai yi wata uku ya gaji da abin da zai iya yi shekara goma sha biyar. Tanadin uba bai cire wa 'ya'ya haƙƙin ciyar da iyaye da addini ya ɗora musu ba. Ya dai rage kayan zuwa girman da za a iya ɗauka a kai gida.

Sai dai wannan 35,000 ba ta zuwa da kanta, kuma a nan ne na fi ganin gidaje suna tuntuɓe. Taimakon 'ya'ya a wurinmu yawanci ba shi da rana, ba shi da adadi. Da sallah a cika gida da shinkafa da shadda, sannan wata uku su wuce babu wanda ya tambayi ko maganin hawan jini ya ƙare, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya aika. Na ga wannan a gidan kawuna. Wata rana na tarar yana raba ƙwayar maganinsa biyu da reza don ta kai shi ƙarshen wata, alhali 'ya'yansa huɗu duk suna da abin yi, kuma duk suna ƙaunarsa. Da na ce, "Kawu, me ya sa ba ka faɗa musu ba?" sai ya ce: "Ɗana, bakin da ya saba bayarwa nauyi yake yi wajen roƙo." Tsoho ba zai tambaya ba, saboda haka dole tsarin ya zama wanda ba ya jiran tambaya.

Abin da ya gyara gidan kawun nawa zama ne guda ɗaya, wanda babbar 'yarsa ta kira bayan sallar Juma'a. Kowa ya faɗi abin da zai iya ba tare da an tilasta daidaito ba, domin raba daidai tsakanin mai shago da mai koyon aiki zalunci ne. Aka tsayar da ranar biyar ga wata. Aka zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tattarawa yana sanar da sauran abin da ya shigo da abin da ya fita. Aka kuma raba wasu nauye-nauye da sunansu: wannan shi ne mai magani, yana biyan kantin kai tsaye, wancan shi ne mai buhun masara da kaka, lokacin da take da sauƙi. Autan da ba shi da kuɗi aka ba shi kai Baba asibiti da karɓo kuɗin haya, aka kuma faɗa a fili cewa wannan ma zubi ne. Na ga hikimar hakan, domin a yawancin gidaje akwai wadda take wanki da girki da kwana a asibiti, sau da yawa 'ya mace ko matar ɗa, amma sai a riƙa yabon wanda ya turo kuɗi daga Abuja a manta da ita, har ranar da za ta gaji. Wani ɓangare na kuɗin kuma a damƙa wa tsohon a hannunsa ya kashe yadda ya ga dama, ko da goro zai saya ya raba wa abokansa a majalisa.

Kuskuren da ya fi kowane wuyar gyarawa shi ne uba ya raba kadarorinsa tun yana raye, da tunanin 'ya'ya za su riƙe shi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, kyauta tana ƙarfi ne idan wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, kuma janye ta bayan nan yana da sharuɗɗa masu tsauri, musamman idan ɗan ya sayar ko ya yi aure ko ya ci bashi a kanta. Ɗa na iya zama nagari amma kasuwa ta karya shi, ko ya riga uban rasuwa, gidan ya koma gadon matarsa da 'ya'yansa. Shawarata ita ce ɗakunan haya da shago su zauna da sunan dattijon har ƙarshen ransa. Idan yana son taimaka wa ɗa da jari, ya ba shi abin da ko ya salwanta ba zai taɓa 75,000 ɗin nan ba.

Dole kuma a yi maganar uwargida a keɓe, domin sau da yawa ita ce take daɗewa bayan mijin. Ranar da telan ya rasu, kasonsa na shago yana iya tsayawa, gidan da ɗakunan haya kuma sun zama gado, inda rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya shi ne tumuni, wato ɗaya cikin takwas, kuma idan matan sun fi ɗaya wannan tumunin za su raba. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Saboda haka mijin da yake son matarsa ta tsira da abin dogaro, tun yana da lafiya zai mallaka mata, misali ɗaya daga cikin ɗakunan hayar, da shaidu da takarda, ta riƙa karɓar hayar da hannunta. Ita ma ta buɗe asusun fansho da sunanta, ko da ɗari biyu take zubawa daga ribar ƙosai, kuma awakinta su zama nata a sanin kowa.

Ana gane shiri ya fara lalacewa tun kafin ya rushe. Idan kwasar adashe biyu a jere ta tafi a cefane, to kuɗin shiga sun gaza, sai a rage zubin zuwa abin da zai ɗore maimakon a daina. Idan aka fara cin bashi don a yi zubi, adashen ya fi ƙarfin mai shi. Idan dattijo ya fara tsallake magani ko yana cewa ya ƙoshi da rana, kuɗin wata ba sa kaiwa, ko da bai faɗa ba. Kuma tunda farashi ba ya tsayawa, 110,000 ta bana ba za ta zama ta baɗi ba, don haka zaman 'ya'ya ya zama na kowace shekara, a sake duba kuɗin mudu da na magani a gyara kason kowa.

Wanda ya riga ya kai 58 bai fara komai ba, lissafinsa daban ne. Ba shi da shekarun da zai gina ɗaki da adashe, kuma abin da zai tara a asusun fansho cikin shekara biyu ba zai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya duba abin da yake hannunsa yanzu: zauren da za a iya mayarwa shago, keken ɗinki ko babur da za a ba wani bisa yarjejeniyar kawo kuɗi duk mako, gonar ƙauye da za a bayar noma a raba amfani. Ya yi rajistar inshorar lafiya a wannan shekarar, ya kuma kira zaman 'ya'yansa tun yana iya kawo rabin cefane da guminsa, domin a lokacin ne zai zauna a matsayin mai gida yana tsara abin da kowa zai ɗauka, su kuma su samu shekara ɗaya ko biyu suna gwada zubin kafin nauyin ya sauko musu gaba ɗaya.